Idan Za Ka Rubuta Cewa Aikin Ma'aikaci Bai Yi Kyau Ba

A ƙarshen shekara, shugaban sashe kan cika takardar tantance ƙwazon waɗanda ke ƙarƙashinsa, wadda ma'aikatan gwamnati a Nijeriya suka daɗe da sani da fom ɗin APER. A ɗauka wani shugaba ya rubuta wa akawunsa: "Malalaci ne, kullum a makare, ba shi da kishin aiki."

Mai yiwuwa shugaban na da dalilin fushi. Sai dai akawun da ya karanta wannan ba zai san abin da zai canza ranar Litinin ba. Abin da zai sa a gaba shi ne kare mutuncinsa. A 1996, masana biyu, Kluger da DeNisi, sun tattara bincike masu yawa kan yi wa mutane tsokaci a kan aikinsu. Sun gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na irin wannan tsokaci ƙara lalata aikin ya yi, kuma amfaninsa na raguwa idan ya karkatar da hankalin mutum daga aikin zuwa ga kansa.

Gyaran yana farawa ne daga fayil. Shugaban ya duba ranakun, sannan ya rubuta: "Ranar 5 ga wata ake miƙa rahoton kuɗi. Na Maris ya zo ranar 12, na Afrilu ranar 14, na Yuni ranar 11. Wannan ya jinkirta biyan 'yan kwangila har sau uku." An cire "kullum", domin da zarar akawun ya tuna wata guda da ya kawo a kan lokaci, maganar ta koma gardama. An cire "kishi", domin ba wanda ya ga zuciyarsa. Ma'aunin shi ne: idan baƙo ya buɗe fayil ɗin, zai iya tabbatar da kowace jimla?

Kafin sa hannu, a kira shi gefe a tambaye shi: "Malam, me ke riƙe rahoton?" Ta yiwu rasidan sito ne ba sa isowa sai ranar 8, ka ga ashe matsalar tana wani teburin. Idan kuwa daga gare shi ne, sai a ƙara: "Daga Janairu, daftari ranar 3, cikakke ranar 5. Za mu zauna ƙarshen Maris mu duba." In lissafinsa ba ya zuwa da kuskure, a rubuta hakan ma, tunda gaskiya ne.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na kara. Shugaba ya ji nauyin dattijo ko maƙwabci, ya rubuta "ba laifi", ya ba shi maki mai kyau. Bayan shekara biyu a hana shi ƙarin girma, alhali babu takarda ɗaya da ta taɓa nuna masa inda ya gaza.