Baya Ya Canja, Gilashi Ya Tona Asiri

Wani ango ya tsaya gaban mota a bakin kasuwa, mai gyaran hoto ya mayar da bayansa sahara. Amma gilashin motar da baƙin tabaraunsa suna nan suna nuna rumfuna, a nan aikin ya tonu.

Gyaransa shi ne a ware gilashin, a kwafi sabon sararin sama a ɗora a kai, a rage ƙarfinsa har kujerun ciki su bayyana, sannan a lanƙwasa shi ya bi siffar gilashin.

Idan ruwa ne kwance, ana kifa hoton, sama ta koma ƙasa, a ɗan duhunta shi, domin ruwa yana nuna abu sosai daga nesa, amma kusa da ƙafa ƙasansa ake gani.