Hula ko Bukka? Darasin Minti 40 Kan Wasulan Turanci Masu Rikita Ɗalibai

Malamin Turanci zai iya rubuta kalmomi huɗu a allo, "hat", "hut", "heart" da "hurt", ya ce wa ɗan aji ɗaya na babbar sakandare ya karanta. Sau da yawa abu ɗaya za a ji har sau huɗu, sai dai wani a ɗan ja shi. Ga Bature kuwa hula ce da bukka da zuciya da ciwo, kowace da wasalinta.

Ba rashin ƙoƙari ne ke jawo haka ba. Hausa wasula 5 gare ta, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye irin su ai da au. Turancin Ingila da ake koyarwa a makaranta yana da kusan 20, wato tilo 12 da tagwaye 8. Kunnen da ya saba da Hausa yakan kwashi sautuka uku ko huɗu na Turanci ya zuba su duka a gurbin wasalin a. Farfesa Munzali Jibril, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 kan bambancin furuci a Turancin Nijeriya, yana cikin waɗanda suka nuna cewa Turancin Bahaushe da na ɗan kudu sun sha bamban a wasula. Wasalin "hut" misali ne: ɗan kudu yakan karkata shi wajen o, Bahaushe kuma wajen a. Don haka darasin da aka tsara wa ɗaliban Legas ba lallai ya dace da na Katsina ko Maraɗi ba.

Ƙa'idar farko ita ce wasali biyu kacal a darasi guda. A nan an ɗauki na "hat", wanda ƙamus ke rubutawa /æ/, da na "hut", wato /ʌ/. Malam zai shirya kalmomi bibbiyu waɗanda wasalin ne kaɗai ya raba su: hat da hut, cat da cut, bag da bug, ran da run, lack da luck. Littattafai da yawa suna farawa da cap da cup, amma gara a ajiye su zuwa gaba, domin harafin p wata matsala ce daban ga Bahaushe, kuma za ta ɗauke hankalin yara daga wasalin.

Minti 5 na farko na gwajin kunne ne. Malam ya rubuta hat a hagun allo da lamba 1, hut a dama da lamba 2. Sai ya faɗi kalma sau 10 a cakuɗe, kowane ɗalibi yana rubuta 1 ko 2. Tunda zaɓi biyu ne, mai canki-canka ma zai iya cin 5. Wanda ya ci 5 ko 6 bai fara jin bambancin ba tukuna, ko da yana ganin ya yi rabi. Sai daga 8 zuwa sama za a ce kunne ya kama.

Minti 5 na gaba na nuna yadda baki ke yi ne, kuma a nan Hausa ce ke taimakawa. Gajeren a da ke cikin "gari", na gari ya waye, ko "dafa", na dafa abinci, yana kusa ƙwarai da wasalin hut: baki bai buɗe sosai ba, harshe na kwance a tsakiya, sautin gajere. Ke nan ɗalibai suna da ɗaya daga cikin biyun tun daga gida. Baƙon shi ne na hat. Malam ya sa su fara da wasalin e, su riƙe shi, sannan su riƙa sauke haɓa a hankali, harshe yana gaba, leɓɓa a baje kamar mai shirin murmushi. In kowa ya ɗora yatsa a haɓarsa, zai ji ta sauka sosai a hat, ta sauka kaɗan a hut.

Daga nan sai minti 10 na sauraro zalla, babu mai maimaitawa. Malam ya faɗi kalma, ɗalibai su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu. A ajin da ke da yara 60, wannan ne ke ba shi damar ganin amsar kowa a lokaci guda. Amma akwai hanyoyin da aikin ke lalacewa. Na baya suna kwaikwayon na gaba, don haka a sa su rufe ido. Wasu suna karanta leɓɓan malam, don haka bayan zagaye na farko ya kare bakinsa da littafi. Malam da kansa yakan ɗaga murya a kalma ɗaya ba tare da ya lura ba, kuma ɗan Hausa, da harshensa ke rarrabe ma'ana da karin sauti, nan da nan zai bi muryar ya bar wasalin. Alamar hakan ita ce aji ya ci duka a bakin malam, ya faɗi da zarar wani ya karɓi karatun.

Shi ya sa ake son muryoyi da yawa. Wani bincike da Logan da Lively da Pisoni suka buga a 1991, kan Japanawa masu koyon bambancin r da l, ya nuna amfanin horar da kunne da muryoyin mutane daban-daban. Malam zai iya naɗo muryoyi uku ko huɗu daga ƙamus mai sauti a wayarsa, maza da mata, ya kunna da ƙaramar lasifika. Wannan kuma yana rufa wa malamin da shi ma wasalin ke ba wahala asiri.

Sai a minti na 20 baki zai fara aiki. Ɗalibai su zauna bibbiyu na tsawon minti 10. Ɗaya ya zaɓi kalma a ɓoye, ya rubuta lambarta, ya faɗa, ɗayan ya nuna wadda ya ji. In sun saɓa, mai faɗa ya sake har abokinsa ya gane. Maimaitawar aji baki ɗaya ba ta yin wannan aiki, domin muryar masu iyawa tana binne ta sauran.

Minti 5 na biye na jimloli ne, waɗanda kowace kalma cikin biyun za ta iya zama a ciki, kamar "She drew a hat" da "She drew a hut". Mai sauraro ya zana abin da ya ji. In aka nufi hula ya zano bukka, an ga inda gizo ke saƙa, kuma dariyar da za a yi tana sa abin ya zauna.

Minti 5 na ƙarshe a sake gwajin farko, amma da kalmomin da ba a taɓa ba a darasin, irin su bad da bud, ko ankle da uncle. In ɗalibi ya ci 9 a tsofaffin kalmomi ya dawo 5 a sababbi, hadda ya yi, bai koyi wasalin ba.

Aikin gida ya shafi rubutu, domin haruffan Turanci suna yaudara. Wasalin hut ne a cikin son, come, love, money, young da blood, alhali babu wadda aka rubuta da u ita kaɗai. Irin wannan tarko ne ke cikin takardar furuci ta jarrabawar WAEC, inda ake ba ɗalibi kalma ya nemo wadda wasalinsu ya zo ɗaya. A ba su kalmomi 12 su raba gida biyu.

Darasi guda ba ya sauya furucin da aka shekara ana yi. Abin da ake sa rai shi ne maki ya ɗan ɗaga a gwajin kunne, sannan a riƙa maimaita wasan yatsu na minti 3 a farkon darussan mako biyu masu zuwa. In mafi yawan aji sun kai 8, sai a shigo da heart a matsayin na uku. Shi ma yana da nasa cikas: Hausa ba ta barin dogon wasali a gaɓar da ta ƙare da baƙi, don haka ɗalibai za su riƙa gajarta shi, kuma darasinsa daga nan zai fara.