Sallama da Amsarta: Yadda Gaisuwa Ke Buɗe Zance

Gaisuwa magana ce da ba ta ɗauke da sabon labari. Wanda ya ce wa maƙwabcinsa "Ina kwana?" ya riga ya ga mutumin a tsaye da ƙafafunsa, kuma ya san amsar da zai samu tun bai rufe baki ba. Duk da haka, da wuya a fara zance tsakanin mutum biyu ba tare da ita ba, domin tana yin wani aiki dabam. Tana neman hankalin wanda aka yi wa ita, tana gwada ko ya yarda a yi magana da shi, sannan tana ɗora wa ɓangarorin biyu nauyi. Wanda aka gaisar ana bin sa bashin amsa, shi kuma mai gaisuwar ana bin sa bashin faɗin abin da ya kawo shi.

Wani masanin al'adun al'umma mai suna Bronislaw Malinowski ya yi rubutu a kan irin wannan magana a shekarar 1923, bayan zaman da ya yi da mutanen tsibiran Trobriand. Ya lura cewa akwai maganganun da ake yi domin a ƙulla zumunci kawai, kamar tambayar lafiya da zancen rana ko sanyi. Shiru tsakanin mutum biyu da suka haɗu ido da ido yana haifar da zargi, gaisuwa kuwa tana kawar da shi. Bahaushe ya san wannan a aikace: mutumin da ya ratsa majalisa bai yi sallama ba, kafin ya sha kwana an fara tambayar ko lafiyarsa, ko kuwa girman kai ne ke damunsa.

Abu na farko da ake jira bayan gaisuwa shi ne amsa, kuma amsa irin tata. A shekarar 1973 wasu masana zamantakewa biyu na Amurka, Emanuel Schegloff da Harvey Sacks, sun bayyana cewa yawancin zance yana tafiya ne bibbiyu: tambaya da amsa, tayi da karɓa ko ƙi, gaisuwa da mayar da gaisuwa. Da zarar an furta rabin farko, sai a buɗe gurbin rabi na biyu, kuma idan aka bar gurbin wayam kowa zai ji rashinsa. Shi ya sa rashin amsa sallama yake da nauyi fiye da shiru na yau da kullum, har ake ɗaukarsa alamar gaba ko raini. A Musulunci ma haka hukuncin yake, fara sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi, kuma Suratun Nisa'i aya ta 86 ta yi umarni a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko a mayar da irinta.

Ba a barin amsar ta daɗe. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan harsuna goma na sassan duniya ya gano cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsarta, a matsakaici, ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Kunne ya saba da wannan saurin, don haka ɗan jinkiri ya isa ya sa mai gaisuwa ya tsargu. Sai ya sake sallama da ƙarfi, a kan zaton ba a ji ba. Wannan maimaitawar ma tana da iyaka, domin a ladubban neman izinin shiga gida sau uku ake yi, in ba a amsa ba a juya.

Wayar tarho ta fito da wannan tsari fili, tunda a cikinta ba a ganin fuska. Lokacin da wayar ta fara yaɗuwa, sai da aka yi shawarar kalmar da za a riƙa buɗe magana da ita. Alexander Graham Bell ya fi son kalmar da matuƙan jirgin ruwa ke kiran juna da ita, Thomas Edison kuma ya ba da shawarar "halo" a wata wasiƙa da ya rubuta a 1877, tasa ce kuwa ta zauna. A 1968 Schegloff ya nazarci farkon kiraye-kirayen waya kusan 500, ya ga cewa wanda aka kira ne ke fara magana, alhali bai san wanda ke kiransa ba. Kira ɗaya ne kawai ya saɓa: an ɗaga wayar aka yi shiru, sai mai kiran ya fara da "halo". Daga nan ya fahimci cewa ƙarar wayar ita ce sallamar, "halo" ɗin wanda ya ɗauka kuma amsarta ce. Da amsar ta ƙi zuwa, sai mai kiran ya sake sallama da bakinsa, daidai da yadda baƙo ke yi a ƙofar gida.

Daga baya, a 1986, ya tsara matakan da farkon kira ke bi guda huɗu: kira da amsawa, gane juna, gaisawa, sai tambayar lafiya. Bayan na huɗun ne ake isa wurin da mai kira zai faɗi dalilin kiransa. Waɗannan matakai suna nan a ziyarar Bahaushe, sai dai ya fi shimfiɗa su.

A ɗauki misalin saurayin da ya je gidan baffansa da hantsi domin neman rancen kuɗin makaranta. Ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Salamu alaikum." Daga ciki aka ce, "Amin, wa alaikumus salam. Wane ne?" Ya ce, "Ni ne, Baffa." Bai faɗi sunansa ba, domin yana sa ran muryarsa ta wadatar, kuma da dattijon ya sake tambayar "Kai wa?" da yaron ya ji ɗan zafin abin. Aka ce ya shigo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gefen tabarma.

"Baffa, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baffa. An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Yaya mutanen gidan? Yaya karatu?"

"Suna lafiya, suna gaishe ku. Karatu da godiya."

"To madalla."

Wannan "madalla" ita ce ke rufe gaisuwar. Bayanta sai ɗan shiru ya biyo, kuma shirun na baƙo ne, shi ake jira. Idan ya ci gaba da sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, dattijon zai taimaka masa da cewa, "Lafiya dai ko?" ko "Da magana ne?" Sai yaron ya ce, "Lafiya lau, Baffa. Dama na zo ne a kan maganar makaranta." Kalmar "dama" a nan ita ce gadar da ake hayewa daga gaisuwa zuwa buƙata, kuma duk mai jin Hausa da ya ji ta yakan gyara zama, don ya san an zo wurin. Wanda ya zo ba da wata buƙata ba shi ma ba a ɗauke masa wannan nauyin ba, sai ya ce, "Dama na biyo ne mu gaisa," domin a daina jira.

Tambayoyin da ke tsakiyar gaisuwa suna da amsoshinsu na dindindin. Manomin da ya wuni yana huɗa zai ce "Ba gajiya", mai jinya ya ce "Da sauƙi" ko da jikin ya yi tsanani, "Ina labari?" kuma amsarta "Sai alheri". Ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin ƙarya, domin kowa ya san wurin na gaisuwa ne, bayanin gaskiya yana zuwa bayan an zauna. Amfanin amsa ta dindindin shi ne duk wani ɗan kauce mata yana fita fili. Idan aka ce "Yaya gida?" mutum ya yi ajiyar zuciya ya ce "To, mun gode Allah dai", mai hankali ya ji cewa akwai magana, kuma an ba shi damar ya tambaya ko ya bari sai an keɓe.

Gaisuwa tana kuma nuna matsayi tun ba a shiga zance ba. A ƙasar Hausa ƙarami ne ke zuwa gaida babba, ya rusuna, ya yi amfani da "ku" ko sunan girmamawa, kuma ba shi ke fara miƙa hannu ba. Judith Irvine, wadda ta yi nazarin gaisuwar Wolof a Senegal ta wallafa shi a 1974, ta samu cewa a can ma na ƙasa ne ke fara gaisuwa, shi ne kuma ke jero tambayoyin. Saboda haka wanda ya fara, da yadda ya tsaya, da sunan da ya kira, duk suna gaya wa ɗayan irin zancen da za a yi.

Tsawon gaisuwa yana bin tazarar rabuwa da nauyin abin da ke tafe. Abokan aiki da ke haɗuwa kullum "Sannu da aiki" da "Yauwa, sannu" sun ishe su, kowa ya wuce, kuma babu wanda ke jiran ƙari domin tafiyar ba ta tsaya ba. Tsayawa, ko zama, ko riƙe hannu bayan musabaha, su ne ke nuna cewa akwai ci gaba. Wanda aka shekara ba a gani ba sai an bi iyali ɗaya bayan ɗaya, a haɗa da "Yaya bayan rabuwa?" Idan gaisuwa ta zarce ma'aunin da aka saba, sai a fara zargin akwai wata a ƙasa, abin da Hausawa ke kira gaisuwa da roƙon iri. Idan kuma ta gaza ma'aunin, kamar wanda ya faɗo gida ya fara magana ba sallama, sai a ɗauka ko dai rashin tarbiyya ne ko wani abu ya faru. Shi ya sa kiran waya da tsakar dare ba ya bin matakan nan, mai ɗauka yakan tsallake su duka ya ce, "Lafiya?"

Saƙon waya ya kawo wata sabuwar matsala. Mutum yakan rubuta "Slm" shi kaɗai ya aika, yana jiran amsa kafin ya faɗi buƙatarsa, kamar yadda zai yi a ƙofar gida. Amma wanda aka aika wa ƙila sai bayan awa uku zai gani, ya amsa, shi kuma mai aikawar ya riga ya bar wayar. Matakan da baki ke gamawa cikin rabin minti sai su ci wuni guda, wanda aka gaisar kuma yana ta saƙe-saƙen abin da ake nema a wurinsa, musamman idan bai san lambar ba. Masu yawan hulɗa ta saƙo sun saba da haɗa matakan wuri ɗaya: sallama, sunan mai rubutu, tambayar lafiya, sannan dalilin rubutun, duk a saƙo guda. Ta haka ladabin gaisuwa bai zube ba, wanda ya karanta kuma yana iya amsa sallamar da buƙatar a lokaci ɗaya.