Abin da ya kamata ku sani game da rediyon al'umma a Ƙonni, Malbaza da Illela

Wanda ya kunna rediyo a Birnin Ƙonni ba zai rasa abin saurare ba. Zai kama Muryar Sahel ta gwamnati, zai kama gidajen 'yan kasuwa irin su Anfani, sau da yawa ma har tashoshin Sakkwato suna ƙetaro iyaka. Amma manomin albasa na Galmi da ke son ya ji yadda buhu ya kwana a kasuwa, ko makiyayin Tajaye da ke cigiyar saniyarsa, ƙaramar tashar garinsu ce ke biya masa buƙata. Irin waɗannan tashoshi suna da sauƙin kafawa, amma riƙe su ne ke gagara. Ga dalili.

Mece ce rediyon al'umma?

Tasha ce ta FM mai gajeren zango wadda ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta wani attajiri ba. A ƙa'ida, ƙungiyar mutanen gari ce ke da ita. Babban taron ƙungiya yana zaɓen kwamitin gudanarwa, kwamitin kuma ya ɗauki shugaban tasha da masu gabatar da shirye-shirye, waɗanda akasarinsu 'yan sa-kai ne: malamin makaranta, wata 'yar ƙungiyar mata, wani saurayi mai hannu a gyaran wuta. Izinin watsa shiri yana fitowa ne daga hukumar kula da kafofin yaɗa labarai, wadda aka daɗe ana sani da CSC.

Abin yana da tushe a Nijar. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob ɗin rediyo, inda mutanen ƙauye ke haɗuwa su saurari shiri tare, su tattauna, a ɗauki muryarsu a aika Yamai. Bayan an buɗe fagen rediyo ga masu zaman kansu a shekarun 1990, sai aka kafa rediyon al'umma ta farko a Bankilare, cikin jihar Tilaberi, a 1999. Da hasken rana ta fara aiki, a cikin shirin RURANET wanda Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa. Daga nan tashoshin suka yaɗu har suka haura 100 a faɗin ƙasar. Sai dai tsarin da aka faro da shi ya bi su har yau: na waje ne ke kawo kayan aiki, gari kuma a bar shi da ɗawainiyar yau da kullum.

Ta yaya jama'a ke shiga cikin harkar?

Hanya ta farko ita ce sanarwa. Rasuwa, ɗaurin aure, suna, ɓatan yaro ko dabba, kiran taron masu gari, duk ta nan suke bi. Ta biyu ita ce kiran waya a shirin kai tsaye, wadda ta yawaita tun da salula ta shiga ƙauyuka. Ta uku ita ce ƙungiyoyin masu saurare, da ke sayen katin gaisuwa suna kuma kawo labarin unguwanninsu.

Amfanin ya fi fitowa inda ake da abin da za a raba ko a yi jayayya a kai. A filin noman rani na Ƙonni, wanda ke shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango, ranar da za a saki ruwa da kuɗin da kowane manomi zai biya magana ce da ke shafar tukunyar gida. A Malbaza da Illela kuwa akwai ranar sakin gonaki bayan girbi, wadda idan makiyayi bai ji ta daidai ba, ko manomi bai kwashe amfaninsa kafin ta ba, rigima ce. Idan aka zaunar da wakilin manoma da na makiyaya da na hukuma a gaban makirfo ɗaya, mutane suna kira suna tambaya, abin da aka faɗa ya zama kowa shaida ne a kansa.

Amma akwai iyaka. Ƙa'idar Nijar ba ta ba waɗannan tashoshi damar shiga harkar siyasa ko shirya labarai yadda manyan gidaje ke yi ba. Shi ya sa wasu ke karɓo shirye-shirye daga Studio Kalangou, wanda gidauniyar Hirondelle ta buɗe a Yamai a 2016, yana aiki da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Faransanci. Sannan kiran waya yana da nasa son kai, domin wanda ke da waya da kati ne ke samun magana, kuma a ƙauye maza sun fi mata riƙe waya. Tashar da ba ta fita da na'urar ɗaukar murya zuwa bakin rijiya da kasuwa ba, muryoyin mutum goma ɗin da ta saba za ta riƙa maimaitawa.

Daga ina kuɗi ke shigowa?

Tashar ba ta neman riba ba ce, kuma ba a sake mata talla yadda aka sake wa gidajen 'yan kasuwa ba. Saboda haka ƙofofinta uku ne. Akwai kuɗin sanarwa da katin gaisuwa, waɗanda ke bin yanayin aljihun jama'a: suna ƙaruwa bayan girbi da lokacin cinikin albasa, sa'ad da ake yawan bukukuwa, su ja baya da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A yankin iyaka kuma suna bin kasuwa. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin da aka saka wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk sun taɓa cinikin Ƙonni, kuma mai sanarwa daga wannan cinikin yake biya.

Akwai taimakon ofishin magajin gari, wanda yake zuwa ne idan asusu ya samu. Sai ƙofa mafi girma, wato kwangilar ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke sayen lokaci don a yi shiri kan rigakafi, auren wuri ko ƙaura. Wannan kuɗi yana da kauri amma yana da wa'adi, kuma yana zuwa da maudu'insa. Idan ya zama shi ne ginshiƙi, jadawalin tasha sai ya koma bin abin da mai biya ke so, ba abin da ke damun gari ba. Ranar da aikin ya ƙare, ɗan alawus ɗin ma'aikata ya tsaya, waɗanda aka horar su kama hanyar gidajen birni ko su tafi cin rani.

Me ke kashe tasha?

Yawanci ba hukuma ba ce ke rufe ta. Kayan aiki ne ke mutuwa ba a tanadi na sauyawa ba. Mu yi lissafi da misali. Mu ɗauka tasha tana da na'urar watsa murya mai ƙarfin wat 100. Irin wannan na'ura tana jan wuta wajen ninki biyu na abin da take fitarwa. A haɗa da kwamfuta, na'urar haɗa sauti, fanka da fitilu, jimilla ta kai kamar wat 500. Idan tana aiki awa huɗu da dare, lokacin da mutane suka dawo daga gona, tana buƙatar kilowat-awa 2 daga batir.

Babban batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar kilowat-awa 2.4, amma rabin wannan kawai ya kamata a sha idan ana son ya daɗe. Ke nan batir biyu ne mafi ƙaranci, huɗu kuma idan ana son a tsallake ranakun hazo da hadari. Matsalar ita ce zafi. Rayuwar batirin dalma tana raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a kan 25, kuma a Ƙonni da bazara zafi yana wuce 40. Farantan sola za su iya shekara 20, amma batir a ɗaki mai zafi da ƙyar ya wuce biyu zuwa uku.

Mu ƙaddara kowane batir jika 150 ne na sefa. Huɗu sun kama jika 600. A raba a kan wata 30, ya zama jika 20 kowane wata. Idan sanarwa ɗaya jika guda ce, to kuɗin sanarwa 20 na kowane wata ba na tasha ba ne, na batir ne, tun kafin a yi maganar alawus ko katin waya. Kwamitin da bai ware wannan ba ci yake da bashi bai sani ba. Jingina da wutar NIGELEC ma ba ta raba mutum da wannan lissafi, kamar yadda aka gani lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023.

Bayan batir akwai ƙurar hunturu, wadda ke toshe fankar na'ura har ta yi zafi ta ƙone. Akwai tsawa da damina, wadda ke bin dogon ƙarfen eriya idan ba a yi masa wayar ƙasa mai kyau ba. Akwai kuma ruwa da ke shiga mahaɗar wayar eriya, sai wuta ta riƙa komowa cikin na'ura maimakon ta fita. Duk waɗannan gyaran mai arha ne idan an riga su, mai tsada idan an makara, musamman da yake mai gyara sai an kira shi daga Tawa ko Yamai.

Yaya mai saurare zai gane tasha ta fara ciwo?

Alamar farko nisa ce. Muryar FM tana bin abin da eriya ke hangowa, kuma ƙarfe mai tsawon mita 30 yana kai murya wajen kilomita 20 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙasa da haka a tsaunuka da kwaruruwan Adar. Idan ƙauyen da ya saba ji tar ya fara jin shuu, ƙarfin na'ura ya ragu, kuma na nesa ne ke fara rasawa, su da suka fi kowa buƙata. Alama ta biyu ita ce shirin dare ya riƙa yankewa kafin lokaci, wannan batir ne. Ta uku ita ce kiɗa da shirye-shiryen da aka aiko daga waje su rinjayi muryar 'yan gari. Ta huɗu, kuma mafi muni, a shekara biyu ba a kira babban taro ba, ba wanda ya san abin da ya shiga da abin da ya fita.

Me za a iya yi?

Abu uku suna hannun gari. Na farko, a buɗe asusun gyara daban, a riƙa zuba masa kaso daga kowace sanarwa da kowace kwangila, kuma kada a cire sai da sa hannun mutum biyu. Na biyu, idan ƙungiyar agaji ta zo sayen lokaci, a saka kuɗin tsufan kayan aiki cikin farashi, a kuma ƙayyade awannin da za a sayar don shirye-shiryen gari su samu wuri. Na uku, a nemi gudummawar shekara daga masu cin moriya kai tsaye, irin ƙungiyoyin manoman albasa, masu noman rani, makiyaya da 'yan cin rani, a karɓa da kaka lokacin da hannu ke da abu, ko da hatsi ne. Sharaɗin wannan kuwa shi ne kwamiti ya riƙa karanta lissafin kuɗi a rediyon kanta duk wata uku, domin mutane ba sa ci gaba da zubi a asusun da ba su ganin cikinsa.