Bishiyar B, da Dalilin da Ya Sa Faifai Ya Fi Son Ta

Duk wanda ya taɓa neman mas'ala a cikin babban littafi ya san amfanin fihirisa, haka kuma kwamfuta, idan aka tara mata bayanan mutane miliyan dubu, kowa da lambarsa, aka ce ta fito da na mutum guda, ba ta da makawa sai ta bi wani fihirisa. Sanannen tsari shi ne bishiya mai reshe biyu, inda kowace gaɓa take riƙe da lamba ɗaya tak, abin da ya gaza ta a bi hagu, abin da ya fi ta a bi dama. Kowace tambaya tana zubar da rabin abin da ya rage, saboda haka lambobi miliyan dubu suna buƙatar hawa talatin, wanda a hisabi kaɗan ne ƙwarai.

Amma hisabi dabam, ɗabi'ar faifai dabam. Faifai mai juyawa, kafin ya ba da ko harafi ɗaya, sai hannunsa ya tafi inda bayanin yake, ya jira wurin ya kewayo, abin da kan ci kamar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, alhali kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta fi haka sauri wajen sau dubu ɗari. Sa'an nan idan ya isa, shafi guda sukutum yake kawowa, ko ana bukatarsa duka ko ba a bukata. To, bishiya mai reshe biyu, wadda gaɓoɓinta suka warwatsu a kan faifai, ta yi kama da wanda yake zuwa rijiya mai nisa da tulu, ya komo da ludayi ɗaya na ruwa, har sau talatin.

Wannan illa ce Rudolf Bayer da Edward McCreight suka yi wa magani a ɗakin binciken kamfanin Boeing a 1970, aka buga maƙalarsu a 1972. Hikimarsu ita ce a mai da kowace gaɓa shafi cikakke, a jera lambobi masu yawa a cikinta bisa tertibi, tsakanin kowace biyu da reshe. Mu ɗauki shafi mai bayit 16,384, gwargwadon na InnoDB a cikin MySQL: idan lamba ta ci bayit takwas, adireshin reshenta ya ci takwas, shafin zai ɗauki kusan dubu. Tushe ya nuna shafi dubu, waɗannan suka nuna miliyan, kowane ɗaya daga cikin miliyan ɗin yana ɗauke da lamba dubu, ga miliyan dubu ke nan a hawa uku. Daɗin daɗawa, hawa biyu na sama ba su wuce megabayit 16 da 'yan kai ba, sai a ajiye su a ƙwaƙwalwa dindindin, ya zama tafiya ɗaya ta kai mu ga lambar, wata kuma ta ɗauko bayanin kansa. Gaskiya ne sai an yi kwatance kamar goma a cikin kowane shafi, jimla talatin ɗin nan dai, illa dai a ƙwaƙwalwa ake yin su, inda ba su da tsada.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan bishiya, wato bishiyar B, take girma ba tare da ta karkace ba. Idan sabuwar lamba ta zo ta tarar shafinta ya cika, sai a tsaga shi biyu, a ɗaga lambar tsakiya zuwa shafin da ke bisa don ta zama iyaka tsakaninsu. In shi ma a cike yake, a tsaga shi, har in tsagar ta kai ga tushe a yi sabon tushe, bishiyar ta ƙara hawa ɗaya daga sama. Don haka dukan ganyaye nisansu ɗaya da tushe, kuma ban da tushen, babu shafin da ƙa'ida ta yarda ya gaza rabi. In share bayanai ya rage shi, ya ari lamba a wurin maƙwabcinsa, ko a haɗe su.

Sai dai ba ta rasa aibi. Gyaran lamba ɗaya yana wajabta sake rubuta shafin duka, kuma in lambobi suna shigowa barkatai, ba bisa jeri ba, tsaga takan yawaita, shafuka su zauna a cike kamar kashi 69 cikin ɗari, alamar haka kuwa ita ce fihirisa ya kumbura fiye da ƙima, rubutu ya yi nauyi. Mafi muni shi ne dogon mabuɗi, domin in aka yi fihirisa da jimla mai bayit 150 maimakon lamba mai takwas, rassa sun sauko daga dubu zuwa kamar ɗari, hawa uku sun koma biyar. Saboda haka, ya kai mai tsara rumbun bayanai, ka zaɓi mabuɗi gajere, wanda in da hali yake ƙaruwa bi da bi.