Idan odita ya ce "sai dai": Abin da mai hannun jari ya kamata ya sani

Kafin babban taron shekara-shekara, kamfani kan aika wa masu hannun jari rahoton kuɗinsa. Yawanci kan shafin riba ake fara duba, alhali shafin odita, wato mai binciken kuɗi daga waje, shi ke nuna ko ribar abar dogaro ce.

Idan odita ya gamsu, sai ya rubuta cewa lissafin ya nuna ainihin halin kamfanin. Amma wani lokaci za a ga kanun "Qualified Opinion" a shafin. Wannan ra'ayi ne mai togaciya: lissafin daidai yake, sai dai wani ɓangare da ya ambata.

Dalilai biyu ke jawo haka. Ko dai ya gano babban kuskure kuma daraktoci suka ƙi gyarawa, ko kuma bai samu isassun hujjoji ba, kamar idan an ɗauke shi aiki bayan an gama ƙirga kayan sito.

A misali, a ce kamfanin casar shinkafa ya bayyana ribar naira miliyan 450 kafin haraji. Ya rubuta cewa shinkafar da ke sito ta kai miliyan 800, kuɗin da ya kashe a kanta. Sai odita ya tarar ruwa ya lalata wasu buhuna, ko an sayar da duka miliyan 500 kawai za a samu. Ƙa'idar lissafi ta ce a rubuta mafi ƙaranci cikin biyun. Ke nan an kumbura haja da miliyan 300, ainihin riba kuwa miliyan 150 ce. Idan daraktoci suka ba da shawarar raba miliyan 250, mai hannun jari na da dalilin tambayar daga ina rarar za ta fito.

Ana samun irin wannan bayani a sakin layin da ke bin ra'ayin, mai kanun "Basis for Qualified Opinion".

Togaciya ba ta nufin an yi sata. Tana nufin matsalar babba ce, amma ba ta game lissafin ba. Da ta game shi, odita zai ce lissafin bai nuna gaskiya ba, ko ya ƙi ba da ra'ayi idan hujjoji ne suka gagara.

A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta bai wa masu hannun jari kujeru uku cikin biyar a kwamitin binciken kuɗi na kamfanin da jama'a ke da jari a ciki. Su ne za a fara tambaya: nawa ne kuɗin, kuma yaushe za a gyara? Idan togaciyar bara ce ta sake dawowa bana, alama ce daraktoci ba su ɗauki mataki ba.