Neman aikin koyarwa a Djougou: abin da ya kamata ka rubuta a CV ɗinka

Mece ce CV, kuma wa zai karanta ta?

CV takarda ce mai shafi ɗaya ko biyu wadda ke faɗin karatun da ka yi, inda ka yi aiki, da abin da ka iya. Daban take da wasiƙar neman aiki, wadda a cikinta kake roƙon a ɗauke ka. CV ba ta roƙo, bayani kawai take yi. A Jamhuriyar Benin da Faransanci ake rubuta ta, ko da kuwa Ingilishi ko Larabci za ka koyar a makarantar da ke haɗa boko da Arabiyya, irin waɗanda ake da su a Djougou da Parakou.

A makarantun kuɗi ne CV ta fi yin aiki, inda darakta ko mai makarantar ke zaɓen malami da kansa. Gwamnati tana da tata hanyar, ta jarrabawa da rajista, kamar tsarin AME na masu neman shiga aikin malanta da aka soma a 2019. Ka sa a ranka cewa daraktan da ya ɗauki takardarka yana da giɓi a jadawalinsa: aji kaza ba shi da malamin lissafi, ga komawa makaranta a watan Satumba ta matso. Amsar da yake nema guda ce, ko kai ne za ka cike giɓin nan.

Waɗanne takardun shaida zan sa?

Ka fara da wadda ka samu a ƙarshe, ka yi baya. Kowacce ka rubuta sunanta, shekarar da ka same ta, da makarantar da ta ba ka.

Akwai bambancin da masu nema da yawa ba sa fitarwa. Takardar ilimi, kamar BAC ko digiri daga Jami'ar Parakou, tana nuna ka san fannin. Takardar malanta kuwa tana nuna an koya maka yadda ake koyarwa. A firamare su ne CEAP da CAP, kuma a nan Djougou akwai makarantar horar da malaman firamare, wato ENI. A sakandare su ne BAPES da CAPES. In kana da ɗaya daga ciki, ka sa ta a sama inda ido zai fara sauka. In ba ka gama ba tukuna, ka rubuta cewa kana kan karatun. Kada ka rubuta takardar da ba ta hannunka, don ranar da aka kira ka za a ce ka kawo ta asali.

Wanda ya yi karatu a Najeriya ko a wata ƙasar Larabawa ya nemi takardar daidaita shaida, wadda ke nuna matsayin karatunsa a tsarin Benin, ya ambace ta a CV. Ba kowane darakta ne ya san abin da NCE ke nufi ba.

Ya zan rubuta darussa da yawan ɗalibai?

"Na koyar shekara huɗu" ba ta gaya wa darakta komai ba. Ka faɗi makarantar, shekarun karatu, darasin, azuzuwan, da awoyin da kake yi a mako. A firamare malami ɗaya ne ke riƙe aji da dukan darussansa, don haka ajin ne abin faɗa: CI, inda yaro ke fara jin Faransanci bayan ya taso da Dendi ko Yom ko Hausa a gida, ko kuwa CM2 mai zana jarrabawar CEP. Aikin biyun ba ɗaya ba ne, kuma darakta ya sani. A sakandare ka nuna ko ka riƙe ajin jarrabawa, wato mai zana BEPC ko mai zana BAC.

Kana iya cewa, to yawan yara kuma me ya kawo shi? Malamin da ya riƙe yara 70 ya san yadda ake hana hayaniya, da yadda ake gyara takardu 70 a mayar kan lokaci. Wanda ya saba da 25 ya fi sanin bin kowane yaro ɗaya bayan ɗaya. Kowanne akwai makarantar da ke nemansa, amma sai ka rubuta adadin za a gane wanne ne kai.

Ta yaya zan nuna cewa ɗalibaina sun ci gaba?

Nan ne CV ke tashi ko ta faɗi, kuma nan ne aka fi cika baki. A Benin ana ba da maki ne bisa 20, wanda ya kai 10 ya tsallake. To, ka ɗauko kundin makinka ka ƙirga.

Mu ɗauki misali. Wata malamar lissafi ta riƙe ajin da zai zana BEPC, yara 62. A zangon farko 25 ne suka kai 10 a darasinta, kashi 40 cikin 100 ke nan. A ƙarshen shekara sun zama 41, wato kashi 66. Yadda ake lissafin: ka raba waɗanda suka tsallake da yawan ajin, ka ninka da 100. Ga yadda layin zai fito a takardarta:

```
Mathématiques, 3e, 62 élèves
Moyenne ≥ 10/20 : 25 élèves (40 %) en début d'année, 41 (66 %) en fin d'année
```

Sai ta ƙara abin da ta yi har hakan ta faru, a jimla ɗaya: darasin ƙari ranar Asabar ga waɗanda suka yi baya, da bitar tsoffin tambayoyin jarrabawa. Lura da cewa ta faɗi inda aka taso da inda aka kai. Kashi 66 shi kaɗai ba ya nuna aikinta, don mai yiwuwa ajin dama can gwanaye ne.

Abu biyu ka kiyaye. Sakamakon BEPC na darussa da yawa ne, saboda haka in ka ambace shi, ka ce na ajin ne, kada ka mai da shi naka kai kaɗai. Sannan kada ka ɓoye waɗanda suka bar makaranta a tsakiyar shekara. In an fara da 62 aka gama da 50, ka rubuta haka, don kason zai iya hawa ba tare da ko yaro ɗaya ya ƙaru ba, kuma gogaggen darakta yana gane wannan da kallo ɗaya. Sunayen yara kuwa ba su da gurbi a CV.

Ayyukan da ba na cikin aji ba fa?

Ka sa su, amma waɗanda za a iya tabbatarwa: malamin da ke kula da aji da lissafin makinsa, jagoran malaman fanni, sa ido ko gyaran takardu a jarrabawar ƙasa, kula da abincin ɗalibai, horar da 'yan ƙwallo. Kowanne da shekararsa. Uku na gaske sun isa. Ka kuma rubuta harsunan da kake ji, domin malamin da zai iya yi wa uwa bayanin makin ɗanta da Dendi ko Fulatanci yana sauƙaƙa wa makaranta aiki.

Nawa zan kashe?

CV ɗin kanta ba ta buƙatar tambari ko sa hannun hukuma, kuɗin bugawa da kwafi ne kawai. Inda kuɗi ke fita shi ne takardun da ke raka ta: kwafin shaidun karatu da aka buga wa hatimi a ofishin magajin gari, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa yanke maka hukunci ba, wadda galibi ake so kada ta wuce wata uku da fitowa. Don haka kada ka yi gaggawar cire ta tun ba ka san ranar kai takardu ba.

Akwai kuma takardar shaidar aiki daga makarantar da ka bari, ita ce ke gaskata duk abin da ka rubuta. Ka karɓe ta tun kafin ka yi sallama, ka kuma kwafe makin azuzuwanka a littafinka kafin ka miƙa kundin, domin in darakta ya canja, samun su yana wuya.